Yadda ake gyara saƙon neman ƙarin wa'adin biya wajen mai ba ka kaya

Wani abokina ne ya turo min saƙon da ya rubuta zai aika wa kamfanin da ke ba shi kaya, wai in duba masa kafin ya tura, da na karanta sai na ce masa dan Allah tsaya, kar ka danna komai tukuna. Ga abin da ya rubuta, ban canza komai ba sai sunaye da na cire:

"Salamu alaikum Yallaɓai. Dan Allah ina neman alfarma ne, kasuwa ta yi wuya kwanan nan, kuɗi ba sa shigowa yadda aka saba, mutane duk sun riƙe min kuɗi. In da hali a ɗan ƙara min lokaci wajen biyan kuɗin kaya, ko wata biyu ne ko fiye. Kun san mun daɗe tare kuma ban taɓa cin amanarku ba. Allah ya bar zumunci."

Ladabi kam akwai shi, ba wanda zai ce ya yi rashin kunya. Amma ka zauna a kujerar wanda zai karanta. Shi abin da zai gani shi ne mutumin da ake bin sa kuɗi yana faɗa da bakinsa cewa kuɗi ba sa shigo masa, kuma yana so a ƙara masa bashi, bai faɗi nawa ba, bai faɗi har zuwa yaushe ba, kuma ba abin da ya ajiye a kan tebur. Irin wannan saƙon in aka yi sa'a a ce "za mu duba", in ba a yi sa'a ba a kira akanta a ce a rage wa mutumin nan iyakar bashinsa tun kafin ya faɗi da kuɗinmu. Abin haushin kuma shi ne abokin nawa ba faɗuwa yake ba, cinikinsa ma ƙaruwa yake, rubutun ne kawai ya sa masa rigar wanda ya karye.

Toh ga yadda muka bi muka gyara shi. Lambobin da zan kawo na daidaita su ne don lissafi ya yi sauƙi, kai sai ka sa naka.

Matakin farko, kar ka fara da rubutu, fara da gano kwana nawa kake buƙata da gaske

Shi ya rubuta "wata biyu ko fiye" ne don bai yi lissafi ba, ji kawai yake kuɗi na matse shi. Na ce masa ɗauko littafinka mu gani. Yana sayen kayan dubu 600 a wata, oda biyu, dubu 300 duk bayan kwana 15, kuma wa'adinsa kwana 30 ne daga ranar da aka rubuta inbois, abin da suke rubutawa a ƙasan takardar da Net 30. Kayan in sun zo suna yin kamar kwana 25 a sito kafin su fita, sannan manyan kwastomominsa su ma ba nan take suke biya ba, sai bayan kamar kwana 20. Kaga daga ranar da kaya suka shigo zuwa ranar da kuɗinsu ya dawo hannunsa kwana 45 kenan, shi kuma ana karɓar kuɗin a hannunsa a kwana na 30. Giɓin kwana 15 ne, shi ne yake cikewa da jarinsa duk wata, kuma duk sanda ciniki ya ƙaru giɓin sai ya ƙara nauyi, shi ya sa yake jin kamar kasuwa ce ta lalace alhali girma take yi.

Ashe kwana 45 yake buƙata. Da ya tura neman kwana 60 da ya nemi ninkin abin da zai magance masa matsalar, kuma ya ninka dalilin da za a ce masa a'a. Wasu za su ce ai ka nemi da yawa don in an rage ka samu abin da kake so, irin na ciniki. Ni dai ban yarda da wannan a maganar bashi ba, don a nan abin da kake sayarwa shi ne a yarda da lissafinka, in ka ce 60 aka ce 45 ka yi caraf ka amsa, ka nuna musu lambar farko ta baka ce kawai.

Sai kuma ka duba daga yaushe ake fara ƙirga kwanakin. Wani kamfani daga ranar inbois yake ƙirgawa, wani daga ranar da kaya suka iso, wani kuma daga ƙarshen watan da aka rubuta inbois ɗin. In kaya suna yin sati a hanya, kuma ana ƙirga maka daga ranar inbois, to wa'adinka na gaskiya kwana 23 ne ba 30 ba. Wani lokacin ma iya wannan gyaran, a dawo ƙirgawa daga ranar da ka sa hannu ka karɓi kaya, ya ishe ka ba sai an taɓa lambar da ke kan takarda ba.

Mataki na biyu, ka yi masa lissafin da shi zai yi a kanka

Nan ne yawancinmu muke tsallakewa, kuma nan ne duk maganar take. Mu muna ganin kwana 15 ne kawai aka ƙara, meye a ciki. Shi mai kaya ba kwanaki yake gani ba, kuɗinsa da ke waje yake gani. Dubu 600 a wata daidai yake da dubu 20 a kullum, a wa'adin kwana 30 kuɗinsa da ke hannunka a kowane lokaci kamar dubu 600 ne, in aka koma kwana 45 ya zama dubu 900, in da 60 ne ya zama miliyan 1 da dubu 200. Wato ba lokaci kawai kake roƙa ba, rancen dubu 300 kake nema wanda ba ya dawowa muddin kuna harka, don kana biyan wani inbois ɗin wani na shiga.

Kuɗin nan kuma ba kyauta yake zaune a wajensa ba, ko dai shi ma wani na bin sa, ko banki ya ba shi da ruwa, ko kuma da ya juya su sun kawo masa riba. A ce misali kuɗi na cin sa kashi 2 cikin ɗari a wata, dubu 300 ɗin nan zai riƙa cin sa dubu 6 duk wata, wato kashi 1 cikin ɗari na cinikin da kake kawo masa. Wannan ita ce lambar da za ka riƙe a kai. Duk abin da za ka ce za ka ba shi a madadi, ya zama ya kai dubu 6 a wata ko ya fi, in bai kai ba to har yanzu alfarma kake nema, ka dai sa mata kwalliya ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damun sa, tsoron kar wata rana ka ɓace da dubu 900 maimakon 600. Tsadar kuɗi ana iya biyan ta da ƙarin ciniki, shi tsoro kuwa hujja kawai ke kwantar da shi. Saboda haka saƙon naka aiki biyu zai yi.

Wani abu da ake mantawa shi ne iyakar bashi. Kusan duk kamfanin da ke ba da kaya bashi yana da lambar da ya sa wa kowane kwastoma, da ka kai ta sai kwamfuta ta ƙi fitar da oda. Ta abokina dubu 700 ce. Da an ba shi kwana 45 an bar iyakar yadda take, oda ta uku tana zuwa za ta kai shi dubu 900 a tsayar da ita, sai ya biya ta farko tukuna, kaga ya koma gidan jiya da sunan an yi masa ƙari. Dole a nemi biyun tare a saƙo ɗaya.

Mataki na uku, mayar da "ban taɓa cin amanarku ba" zuwa lambobi

Kowa haka yake cewa, har wanda zai gudu da kuɗin gobe. Wanda zai sa hannu a kan buƙatarka kuma sau da yawa ba shi ne wanda kuke gaisawa kullum ba. Mai kawo maka kaya yana son ka don kai ne cinikinsa, amma takardar sai ta je wajen akanta ko mai kula da bashi, shi kuma bai san fuskarka ba, lambar asusunka ya sani da ranakun da kuɗi suka shigo. Da shi kake magana, ko da sunan wani ka sa a saman saƙon.

Muka buɗe sitatimen ɗin banki muka jera shi da inbois ɗaya bayan ɗaya. Wata 14 yana harka da su, inbois 28, ya biya 26 a kan lokaci ko kafin lokaci, biyu sun makara, ɗaya da kwana 4 ɗaya da kwana 6. Sai ya ce min mu rubuta kawai "kullum ina biya a kan lokaci", ai biyu ba komai ba ne. Na ce wallahi kar ka soma. Su ma suna da littafin nan, minti ɗaya ya ishe su su buɗe, kuma da sun ga biyun nan ba za su ce "ai biyu ne kacal" ba, cewa za su yi mutumin nan ya faɗi abin da ba haka ba a layin farko, sauran layukan fa? In kai ka faɗa da kanka, da adadin kwanakin da dalili a jimla ɗaya, makarar nan sai ta koma shaida a gare ka, don ta nuna kana bibiyar lissafinka kamar yadda suke bibiya.

In kuwa ka duba ka ga kashi ɗaya cikin uku na biyanka duk a makare yake, ko yanzu haka akwai inbois da wa'adinsa ya wuce ba ka biya ba, to ba gyaran saƙo kake buƙata ba, ajiye shi. Ka biya abin da ake bin ka, ka yi wata uku ko huɗu kana biya a kan rana, sannan ka dawo. Ba kalmar da za ta gyara neman ƙarin wa'adi daga wanda bai cika na farko ba.

Dalilin neman ma sai an sake masa fuska, amma ba da ƙarya ba. "Mutane sun riƙe min kuɗi" da "manyan kwastomomina suna biya bayan kwana 20 kuma odarsu na ƙaruwa" abu ɗaya suke faɗa a wajen abokina, sai dai na farko kuka ne, na biyu bayanin yadda kasuwancinsa ke tafiya ne. Idan gaskiyar taka ita ce ciniki ya faɗi kuma ba ka da kuɗin biyan inbois ɗin da ke gabanka, wannan wata magana ce daban, waya za ka ɗauka ka nemi a raba maka wannan bashin kashi kashi, kar ka lulluɓe shi da mayafin "faɗaɗa kasuwa", don asirin zai tonu ranar biya ta farko.

Mataki na huɗu, me za ka ba shi

Nan muka fi daɗewa, don abubuwan da suka fara zuwa mana a rai ba duka ne suka tsira daga lissafi ba.

Da farko ya ce zai riƙa ba da kafin alƙalami, kashi 20 cikin ɗari ranar oda, sauran bayan kwana 45. Yana da daɗin ji, kuma mai kaya zai so shi. Amma ka lissafa, kashi 20 an biya a rana ta farko, kashi 80 a rana ta 45, in ka haɗa matsakaicin kwana 36 ne. Wato ya yi duk wannan wahalar don ƙarin kwana 6, giɓinsa kuwa 15 ne. Muka ajiye shi gefe, sai in sun matsa.

Sai maganar ƙarin farashi, a ce a ɗora masa wani abu a kan kuɗin kaya a madadin kwanakin. Wannan kar kai ka fara kawo shi, in su suka kawo ka san yadda ake auna shi. Kashi 1 cikin ɗari a kan kwana 15 daidai yake da kamar kashi 24 a shekara, kashi 2 kuwa ya kusa 49. Ka raba 365 da yawan kwanakin da aka ƙara maka, ka ninka da kashin da aka ɗora, shi ne tsadar a shekara, sai ka gwada da abin da za ka biya in wani waje ka samo kuɗin. Haka nan in dama can ana yi maka rangwamen biya da wuri, irin wanda ake rubutawa 2/10 net 30, wato a cire maka kashi 2 in ka biya cikin kwana 10, to ka sani barin wannan rangwamen don ka riƙe kuɗi ƙarin kwana 20 yana cin ka kamar kashi 37 a shekara. Mutane da yawa suna murnar dogon wa'adi ba su lura sun yar da abin da ya fi shi ba.

Abin da ya tsaya mana shi ne ƙarin oda. Yana sayen wasu kaya na kamar dubu 150 a wata a wajen wani dila daban, kuma masu ba shi kayan nan ma suna da irinsu a farashin da bai wuce na dilan ba, sai muka ce a dawo da wannan odar wajensu, cinikin ya tashi daga dubu 600 zuwa 750. Ka lura ba sabon ciniki ya ƙirƙira daga sama ba, kayan da dama yake sayarwa ne. Wanda ya yi alkawarin ƙara oda da kayan da bai da masu saye, kwantai zai tara a sito, ranar biya ta zo ga kaya ba kuɗi.

Amma ko nan sai an sake lissafi, don ƙarin oda yana ƙara kuɗinsu da ke waje. Dubu 750 a wa'adin kwana 45 ya zama miliyan 1 da dubu 125, ƙarin dubu 525 kenan a kan na da, a kashi 2 a wata yana cin su dubu 10 da ɗari 5. In muka ƙaddara ribarsu kashi 10 ce, dubu 150 ɗin zai kawo musu dubu 15. Akwai saura, amma ba wani mai yawa ba, ba abin da zai sa a tashi a yi rawa ba ne. Shi ya sa muka haɗa da abubuwan da shi ba za su ci masa ko sisi ba amma su suna da daraja a wajensu: zai riƙa turo musu jadawalin odar wata uku gaba don su san abin da za su tanada, kuma zai ba bankinsa umarni ya riƙa tura kuɗin da kansa a ranar da wa'adi ya cika, ba sai wani ya kira ya tuna masa ba. Duk wanda ya taɓa zama yana bin mutane waya a kan kuɗinsa ya san darajar wannan. A inda doka da al'adar kasuwa suka yarda da cak mai kwanan wata na gaba, shi ma yana wannan aikin, sai dai ka tabbata akwai kuɗi a asusun ranar, don cak ɗin da ya dawo ya fi makara muni nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya da na hana shi sawa shi ne ya ce zai tsaya wa bashin da kansa, da gidansa ko dukiyarsa. In kasuwancinka kamfani ne mai rajista da aka raba dukiyarsa da taka, sa hannu a irin wannan takardar yana rushe wannan katangar. Ba a miƙa shi kyauta a saƙon farko a kan kwana 15.

Mataki na biyar, ka buɗe masa ƙofar fita

Abin da ke sa manaja jinkirin cewa eh shi ne ya san in ya bayar karɓewa da wuya, sai an yi ɓacin rai. To kai ka cire masa wannan. Ka ce a gwada na wata uku, kuma in biya ɗaya ya makara ya wuce kwana kaza a koma kwana 30 ba tare da wata magana ba. Ka ba shi sanda da hannunka, kuma wanda bai da niyyar biya ba ya yin haka, su ma sun sani.

Ga yadda saƙon ya fito bayan mun gama:

"Salamu alaikum Yallaɓai, barka da aiki. Ina so mu duba wa'adin biyan da ke kan asusunmu. A wata 14 da muka yi muna harka mun karɓi inbois 28, na kimanin dubu 600 a wata. Mun biya 26 a kan lokaci, biyu sun makara da kwana 4 da kwana 6 saboda jinkirin wani kwastoma, kuma a yau ba wani inbois namu da wa'adinsa ya wuce. Na haɗo jerin ranakun da wannan saƙon.

Buƙatarmu ita ce a mayar da wa'adin daga kwana 30 zuwa 45, a ɗaga iyakar bashin daga dubu 700 zuwa miliyan 1 da dubu 150, daga odar farko ta wata mai zuwa. Dalili shi ne manyan kwastomominmu sun ƙaru kuma suna biya ne bayan kwana 20, kuɗin kaya yana dawo mana a kwana na 45.

Mun san wannan zai ƙara kuɗinku da ke wajenmu. A madadin haka za mu ɗaga odarmu zuwa aƙalla dubu 750 a wata, ta hanyar dawo da kayan da muke saye a wani waje zuwa wajenku. Za mu riƙa turo jadawalin odar wata uku gaba, kuma biyan zai riƙa fita daga banki kai tsaye a ranar da wa'adi ya cika.

Muna ba da shawarar a gwada na wata uku. In biya ɗaya ya wuce ranarsa da fiye da kwana 3, a koma kwana 30 nan take. In akwai wata takarda da sashen kuɗinku zai so gani, a faɗa min in turo. Zan kira ranar Laraba in ji ra'ayinku. Na gode ƙwarai."

Ka duba abin da ya fita daga ciki. Babu "alfarma", babu "in da hali", babu "kasuwa ta yi wuya". Ba wai ladabi ne ya ragu ba, gaisuwa na nan godiya na nan, amma kalmar alfarma tana gaya wa mutum cewa shi kaɗai zai yi asara, kai kuma ka zo da abin da za ku amfana ku biyu. Haka nan babu barazana, irin "wasu sun ce za su ba ni kwana 60". In da gaske kana da wannan tayin a rubuce ajiye shi sai an zauna magana, in kuwa babu, kar ka ƙirƙira, dilolin kaya iri ɗaya sun san sharuɗɗan juna fiye da yadda kake zato.

Tsarin ma da gangan ne, tarihin biya ya zo kafin buƙata, don lokacin da idonsa zai kai kan lambar 45 ya riga ya ga 26 cikin 28. Kuma kowane sakin layi mutum zai iya kwafe shi ya tura wa ogansa ba sai ya yi ƙarin bayani ba. Kafin ya tura ma na ce ya fara kiran wanda ke kula da asusunsa ya gaya masa ga abin da ke tafe, ya tambaye shi wa ke sa hannu a irin wannan, don kar saƙo ya je masa bagatatan ya ji an tsallake shi. Lokacin turawa kuma, washegarin ranar da ka biya wani inbois ya fi, ba ana saura kwana biyu wani ya cika ba, don a lokacin duk yadda ka tsara shi kamar neman hanyar zillewa zai yi kama.

In amsa ta dawo

Da wuya a ce maka eh ɗungurungum. Abin da aka fi yi shi ne a ba ka rabi, ko dai kwana 45 amma a bar iyakar bashi ƙasa, ko a ce sabon wa'adin a kan ƙarin odar kawai. Kar ka amsa a waya nan take, ce musu za ka duba, ka koma kan takarda. In sun ce iyaka dubu 900, ka san odar dubu 375 uku ba za su shiga ciki ba, sai dai ka rage alkawarin odar ko ka karɓi kwanaki ƙasa da 45, amma kar ka bar alkawarin dubu 750 yana tsaye alhali an rage abin da ka nema, tare suka zo tare za su ragu. In kuma sun ce a'a gaba ɗaya, tambaye su me za su so su gani kafin su sake dubawa da kuma yaushe, wani lokacin ba kai ba ne matsalar, akwai kamfanonin da ke yi wa bashin da suke bayarwa inshora, kamfanin inshorar ne ke yanka iyakar kowane kwastoma, manajan ko yana so ba zai iya wucewa ba sai an tura musu takardun kuɗinka.

Duk abin da aka amince, a rubuta shi, ko da imel ne na layi uku mai ɗauke da kwanakin, iyakar bashin da ranar farawa. Sannan inbois na farko da zai zo ka duba ƙasansa, in har yanzu Net 30 ke rubuce to ba a canza a kwamfutarsu ba, kuma a kwana na 31 za ta fara nuna ka a jerin waɗanda suka makara ko da manaja ya ce maka ba komai da baki.

Sai wani ɗan tarko da muka gano daga baya muna duba kalanda. Oda duk kwana 15, wa'adi kwana 45, kaga ranar da inbois na farko zai cika ita ce ranar oda ta huɗu. In odar ta riga kuɗin shiga, na ɗan lokaci inbois huɗu ne a buɗe, miliyan 1 da dubu 500, ya haura iyakar da ya nema da kansa, a tsayar masa da kaya a watan gwaji. Sai muka sa umarnin banki ya riƙa fita a kwana na 44, odar kuma sai washegari da rana bayan ya ga alat ya tura musu shaida.